Kasusuwan muryar Baba: na kwashe su zuwa kwamfuta, muryar ta koma kamar daga cikin rijiya

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'a. Taimako nake nema. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana aiki a Jidda, kuma ba ya rubuta wasiƙa, kaset yake ɗauka ya ba alhazai su kawo wa mahaifiyarmu. Bayan rasuwarta muka buɗe adakarta muka tarar da guda 14, duk C60 masu minti 60, ɗaya an rubuta 1987 a jikinsa da biro. Na sa ɗaya a tsohuwar rediyon gidanmu, na ja waya daga ramin abin sawa a kunne zuwa ramin laftof, na ɗauka da Audacity. Da na saurara, muryar tana tsagewa duk inda ya ɗaga ta, ga huci shuuu daga farko har ƙarshe. Na shiga `Noise Reduction` na kai shi 30 dB, hucin ya tafi, amma yanzu Baba yana magana kamar daga cikin rijiya, har da wani ƙara ƙulu-ƙulu a bayansa. Ƙanwata ta saurara ta ce wannan ba muryar Baba ba ce. Ina na kuskure?

Maman Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan su Baba da Inna, ya kai haske kabarinsu. Ni ma ina da na bikina na 1998, na kai wa wani mai shago ya juye mini a filas, hoton duk ya yi layi-layi. Idan an samu mai yi da kyau a gaya mini.

Mai Situdiyo: Amin. Maman Sadik, naki kaset ɗin bidiyo ne, na'urarsa daban, aikinsa daban, a buɗe masa zance nasa.

Baban Walida, kafin komai amsa mini abu biyu. Ramin laftof ɗin guda ɗaya ne tal, wanda ake sa abin kunnen waya? Sannan ka duba zanen muryar kafin ka taɓa ta: yana hawa da sauka kamar tsaunuka, ko ya cika layin ya zama kamar bulo, samansa a shafe?

Baban Walida: Rami ɗaya ne, Malam. Zanen kuwa bulo ne sosai, in ban da wuraren da ya yi shiru.

Mai Situdiyo: To matsalar tun daga ɗauka take, ba daga gogewa ba. Wannan ramin na makirufo ne, an gina shi don ya karɓi sigina ɗan mitsitsi ya haɓaka shi. Abin da ke fitowa daga rediyo ya ninka wannan sau da yawa, sai ya bugi rufi. A kwamfuta rufin shi ne 0 dB, babu komai a samansa. Duk inda muryar ta so ta wuce nan sai a yanke mata kai, yankewar ce kake ji kamar tsagewa. Shiga `View` ka kunna `Show Clipping in Waveform`, za ka ga jajayen layuka a duk inda abin ya faru. Abin da aka yanke ba ya cikin fayil ɗin, don haka babu maganin da zai dawo da shi yadda yake. Akwai `Clip Fix`, yana ɗan taimakawa idan wurare kaɗan ne, amma bulo ya fi ƙarfinsa. Tun da kaset ɗin yana hannunka, sake ɗauka za ka yi.

Ɗan Damagaram: Ina da ja a nan. Na yi shekara shida ina juye kaset a shagon yayana a Zinder, abin da aka koya mana shi ne allura ta riƙa taɓa ja. In ka ɗauka ƙasa-ƙasa, huci ne zai rinjayi murya. Yanzu kuma a ce ya rage? Ai hucin zai ƙaru.

Mai Situdiyo: Gaskiyarka a kan kaset zuwa kaset, Ɗan Damagaram. Sabon zare yana zuwa da nasa hucin, dole ka ɗaga murya sama da shi, kuma zare in ya ƙoshi a hankali yake murɗe sauti, shi ya sa taɓa ja kaɗan ba ya ɓata aiki. Kwamfuta ba haka take ba. Ko a 16-bit, tsakanin rufi da ƙasan da nata ƙarar take akwai kusan 96 dB. Kaset mai kyau bai fi 50 zuwa 60 ba tsakanin murya da hucinsa, irin na Baba da aka ɗauka da ƙaramar rikoda ma bai kai haka ba. Ka ga ko ka bar 6 dB a sama ba ka yi asarar komai ba. Hucin da ke kan zaren kuwa tare yake hawa da sauka da muryar, ƙara ƙarfin ɗauka ba ya raba su.

Ɗan Damagaram: Na ji lissafin. Amma ni kunnena ya saba, wanda aka ɗauka da ƙarfi ya fi cika.

Mai Situdiyo: Duk abin da ya fi ƙarfi kunne yana jin ya fi daɗi. Ka daidaita ƙarfin biyun daga baya ka sake saurara, sai mu yi magana.

Baba Mai Rediyo: Yara, kun yi nisa cikin kwamfuta kun bar injin. Baban Walida, ɗana, kada ka sake sa kaset ɗin mahaifinka a wannan rediyon sai an duba ta. Shekara talatin ina gyaran su, na san yadda tsohuwar roba ke cin zare. Ka fara gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. In da hali ka nemi dek na gida, mai ramukan ja da fari a baya da aka rubuta `LINE OUT`, a wajen masu kayan gwanjo ana samu.

Kowane kaset ka ɗaga shi a haske. In ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren, fumfuna ce, ajiye shi gefe tukuna, zai shafa wa injin ya shafa wa sauran. Ka leƙa tsakiyar bakinsa, akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe wanda ke danna zare a jikin hed, wato kan da ke karanta sautin. Gam ɗinsa yana bushewa ya faɗi, in babu shi murya za ta dushe tana zuwa tana tafiya. Ana cirowa daga wani kaset a manna. Ka ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu na sama, don ko hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli ba zai shiga ba. Sannan ka tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya, zaren ya saki jikinsa.

Injin kuma, auduga a tsinke da sifirit mai ƙarfi, ka goge hed da siririn sandan ƙarfen da ke jan zare har audugar ta daina fitowa da ruwan ƙasa. Tsohon zare yana zubar da gari, don haka bayan kowane kaset ka sake gogewa.

Baban Walida: Na gode Baba. Biyu daga ciki babu soson nan, ban ma san da shi ba. Kunnuwan kuma duk suna nan, yanzu na ɓalle su hannuna yana rawa.

Baba Mai Rediyo: Madalla. Saura abu ɗaya, shi ne babba, kuma shi mutane suke tsallakewa. A gefen hed akwai sukuru biyu, ɗaya yana da sifirin a ƙarƙashinsa. Shi ke karkata hed ɗin. Rikodar da mahaifinka ya yi amfani da ita a Jidda tana da nata karkacewar, taka tana da nata, in ba su dace ba saman muryar ne ke ɓacewa, ka ji mutum kamar ya rufe baki da mayafi. Sa kaset yana tafiya, haɗe hagu da dama su zama ɗaya in akwai maɓallin `MONO`, ka sa ƙaramin sukudireba ka juya kaɗan-kaɗan, kwata ɗin zagaye ma ya yi yawa. Ka saurari harafin s da sh. Za ka ji sun fito tar, in ka wuce su sake dushewa, sai ka dawo inda suka fi fitowa. Sukudireban kada ya zama mai maganaɗisu, kuma ka sa alama inda sukurun yake tun farko. Kowane kaset sai an yi masa nasa, wani lokacin ma kowane gefe.

Mai Situdiyo: Wannan da Baba Mai Rediyo ya faɗa ya fi duk abin da zan koya maka a Audacity. Huci yana zaune a sama ne, inda s da sh suke. In hed ya karkace, muryar ta rasa samanta amma hucin yana nan, sai ka ga kamar hucin ne ya yi yawa alhali muryar ce ta ragu.

Game da haɗawa: ka nemi ɗan akwatin sauti na USB mai ramukan ja da fari na shiga, irin su Behringer UCA202. Daga `LINE OUT` na dek zuwa cikinsa, daga shi zuwa laftof. A `Audio Setup` ka zaɓe shi, ka sa tasha biyu, 44100 Hz. Windows yakan ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin makirufo mai tasha ɗaya, sai ka shiga saitin sautinsa ka mayar da shi biyu, ka kashe duk wani abin gyaran murya da ya kunna da kansa.

Sai ka nemo wurin da Baba ya fi ɗaga murya a kaset ɗin, dariya ko tari ko inda ya matso da baki, ka ɗauki minti ɗaya na gwaji. Ƙololuwar mitar ta tsaya wajen -6 dB. In ta tsaya a -9 ko -10 ma babu laifi. Ga tarkon da nake so ka kiyaye: in siginar ta riga ta yanke a bakin akwatin, jan madannin Audacity ƙasa ba ya gyara ta, ƙanƙantar da ita kawai yake yi. Za ka ga mita tana nuna -6 lafiya lau, babu jan layi ko ɗaya, amma in ka zuƙo zanen sosai za ka ga kawunan a shafe kamar an sa reza. In ka ga haka, daga wajen dek za ka rage.

Hajiya Goggo: Ni dai ban gane lambobin nan ba. Jikana ya ɗora waya a gaban sifika ya ɗaukar mini karatun malaminmu na azumi, kuma ina ji sarai. Me ya sa za a wahalar da yaron nan?

Mai Situdiyo: Hajiya, don a ji abin da aka faɗa, hakan ya wadatar. Sai dai wayar tana ɗaukar ɗakin da fankar da sifikar gaba ɗaya, kuma tana matse sautin. Shi Baban Walida muryar kanta yake so ya adana wa jikoki, kuma zaren ba zai daɗa kyau ba.

Hajiya Goggo: To Allah ya ba da sa'a. Muryar uba ba wasa ba.

Baban Walida: Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Na samu dek da akwatin. Sukurun Baba Mai Rediyo abin mamaki ne, ina juyawa sai na ji Baba ya ce "ki gaishe da su Asabe" kamar yana ɗakin, sai da na tsayar na fita waje. Ƙololuwa tana -7 dB, kawunan ba su shafe ba. Abu biyu suka rage. Akwai gunji huuum a ƙasa, kuma akwai maɓallin `DOLBY NR`, in na danna hucin yana raguwa. In bar shi a danne?

Baba Mai Rediyo: Kashe shi. Wannan maɓallin na kaset ɗin da aka ɗauka da shi ne tun asali. Ƙananan rikodoji na hannu galibi ba su da shi. In ka danna wa zaren da ba a yi da shi ba, yana rage huci ne ta hanyar danne saman muryar, ka mayar da mayafin da ka cire da sukudireba. Maɓallin nau'in zare kuma ka bar shi a `NORMAL`, sai in ka ga an rubuta `CrO2` ko `TYPE II` a jikin kaset.

Mai Situdiyo: Gunjin kuwa a gano daga ina yake. Cire kaset, ka bar komai a haɗe, ka ɗauki daƙiƙa goma. In gunjin yana nan, daga wajenka ne. Zare cajar laftof ka yi aiki da batir, sau da yawa nan take yake ɗaukewa. Ka nisanta wayoyin sauti daga na wuta, kuma kada ka ɗauka a kan ƙaramin janareta. In kuwa sai kaset yana tafiya ake jinsa, to yana kan zaren. Zaɓi wurin shiru ka buɗe `Plot Spectrum` ka ga inda tsinin yake. Wutarmu a Najeriya da Nijar 50 Hz ce, nata gunjin yana fitowa a 50, 100, 150.

Baban Walida: Na zare caja, rabin gunjin ya tafi. Sauran yana kan zaren, amma tsininsa yana wajen 61 da 122 ne.

Mai Situdiyo: To wannan wutar Jidda ce, Saudiyya 60 Hz take. Kenan Baba ya jona rikodar a bango ranar. Kuma ya ba ka ma'auni kyauta: in 60 ya fito 61, kaset ɗin yana gudu fiye da yadda aka ɗauke shi da kusan kashi 1.7 cikin ɗari, ko dek ɗinka ne mai sauri ko rikodarsa ce mai nawa. Kana iya rage gudun da `Change Speed and Pitch`. Bayan nan `Notch Filter` a 60 da 120.

Ɗan Damagaram: Kashi ɗaya da rabi wa zai ji? Ni da zan bar shi.

Mai Situdiyo: Baƙo ba zai ji ba. 'Ya'yansa wataƙila su ji. Na bar musu.

Yanzu hucin. Kafin ka taɓa komai, fitar da ɗanyen a WAV ka ajiye shi wuri biyu, kada ka sake taɓa shi. A 16-bit tasha biyu, minti ɗaya kusan MB 10 ne, C60 guda kusan MB 600, duka 14 ba su kai GB 9 ba. A kan kwafi za ka yi aiki.

`Noise Reduction` sai ka nuna masa samfurin abin da zai cire da `Get Noise Profile`. Daga ina ka ɗauki samfurinka wancan karon?

Baban Walida: Daga wani dogon shiru a tsakiya, inda ya tsaya kamar yana tunani.

Mai Situdiyo: Ga rijiyar nan. Ƙananan rikodoji suna daidaita ƙarfi da kansu: mutum na yin shiru sai su buɗe kunne, huci da ƙarar ɗaki su taso, yana fara magana su koma ƙasa. Saurari dogon shirun, za ka ji shuuu ɗin yana kumbura. Ka ba shi samfurin da ya fi ainihin hucin da ke ƙarƙashin maganar ƙarfi, sannan ka ce ya cire 30 dB, sai ya shiga cin muryar. Ka ɗauki samfuri daga gajeren shiru tsakanin jimloli, rabin daƙiƙa zuwa ɗaya, inda babu numfashi. Kada kuma ka ɗauka daga farar ledar farkon kaset, babu maganaɗisu a wurin, ƙarar dek ɗinka kawai za ka samu. Fara da wannan:

```
Noise reduction (dB): 6
Sensitivity: 6.00
Frequency smoothing (bands): 6
```

Sai ka zaɓi `Residue` ka saurara. Wannan yana jiyar da kai abin da za a zubar ne. In shuuu kawai ka ji, madalla. In ka ji s da ts da f ɗin Baba a ciki, ko ka iya gane kalma, ka yi yawa, rage `Sensitivity`. Ka hau zuwa 9, iyaka 12. Ni ban wuce nan a kan murya.

Sarkin Garmaho: Ku ba ni wuri in sa baki, ni faifai nake tarawa, masu gudun 45 sun fi yawa a wajena. Mu ƙas-ƙas ne ciwonmu. Na ga mutane suna jona garmaho kai tsaye a ramin layi su ce sauti ya fito siriri babu gindi. Dole ya bi ta ramin `PHONO` ko akwatin da ke da shi, domin an rage ƙasan sautin an ƙara samansa lokacin yanka faifan, nan ne ake mayar da shi daidai. Kuma wanke faifai da tataccen ruwa kafin ɗauka ya fi kowace manhaja cire ƙas-ƙas. Shawarata ga Baban Walida, ya bi duka fayil ɗin da `Click Removal` kafin ya cire huci, haka nake yi.

Mai Situdiyo: Jerin daidai ne, ƙas-ƙas kafin huci. Amma kaset ba ya ƙas-ƙas irin na faifai, babu allura babu ƙura a rami. Abin da zai samu shi ne ɗas inda aka danna maɓallin tsayawa, ko aka taɓa rikodar. Waɗannan 'yan kaɗan ne, a bi su da hannu: zuƙo har ka ga ɗigo-ɗigo, zaɓi wurin, ka sa `Repair`, yana karɓar ɗigo 128 ne kawai. In ya fi haka tsawo kuma a cikin shiru yake, yanke shi. Na taɓa bin wata hira ta Hausa da `Click Removal` na tsananta saitin, sai na ji ƙ da ts sun yi laushi, "ƙasa" tana neman komawa "kasa". Fashewar da ke farkon waɗannan haruffa gajeriya ce mai kaifi, ta yi kama da abin da yake farauta.

Sarkin Garmaho: Ni ban taɓa jin ya ci mini harafi ba, amma kan kalangu yakan dakushe shi in na matsa. Zan saurari ƙ ɗin da kyau a faifan gaba.

Baban Walida: Na yi a 9 dB, `Residue` babu kalma ko ɗaya. Hucin yana nan kaɗan. Na yi `Normalize` zuwa -1 dB na fitar da MP3 na tura wa ƙanwata, ta kira ni tana kuka ta ce shi ne. Amma ga sabuwar gardama a gida: a minti na 12 ana jin kiran sallah daga nesa da wani yana sallama da Larabci, yayanmu ya ce in goge su don muryar ta fito ita kaɗai.

Maman Sadik: Don Allah kada ka goge. Inna da wannan kiran sallar ta riƙa jin sa.

Ɗan Damagaram: Ni ina bayan yayanku. In don yara ne, su ji kakansu sarai ya fi.

Mai Situdiyo: `Noise Reduction` ba zai iya ba ma, ƙara mai tsayawa wuri ɗaya yake cirewa, kiran sallah kuwa murya ce mai hawa da sauka, in ka matsa rijiyar za ta dawo. Wani abin da ya rage: kaset ɗin tasha ɗaya aka ɗauke shi, hagu da dama abu ɗaya ne. Ni nakan haɗe su, hucin yana ɗan raguwa da kansa.

Baba Mai Rediyo: Ni kuwa dama kaɗai nake ɗauka. Hagu ita ce a bakin zare, nan ne yake fara lanƙwashewa, nan murya ke yawan ɗaukewa. Ɗana, saurari kowacce ita kaɗai a kaset ɗin 1987 ka gaya mana. Masu rashin soson nan biyu kuma kada ka sa su tukuna, ka turo mini hoton bakinsu in ga ko siririn ƙarfen yana nan.

Baban Walida: To Baba, in an kawo wuta da daddare zan ɗauki hoton. Ɗaya daga cikinsu ma zaren ya tsinke kusa da farko, ban san ko salatif zai riƙe ba.

Baba Mai Rediyo: Kada ka sa salatif, gam ɗinsa yana narkewa ya manne zaren da ke kusa. Turo hoton tukuna.